Jerin da ake zaton sifili ne, alhali ɗaya ne: nazarin lamari a kan ƙa'idar matsi

Akwai wata tambaya da ke yawan fitowa a darasin kalkulas na shekarar farko a jami'a, kuma ko ɗaliban da suka iya lissafi tana kayar da su. Ga jerin lambobi, ana neman inda ya dosa idan n ta yi ta girma ba iyaka:

a(n) = 1/√(n²+1) + 1/√(n²+2) + 1/√(n²+3) + … + 1/√(n²+n)

Kowace gaɓa ta jerin jimilla ce ta wasu guntaye. Idan n = 1, guntu ɗaya ne, wato 1/√2. Idan n = 2, guntaye biyu ne, 1/√5 + 1/√6. Idan n = 10, guntaye goma ne, daga 1/√101 har zuwa 1/√110. Lambar da jerin yake matsowa kusa da ita, wadda a aji ake kira limit, a nan za mu kira ta matuƙar jerin.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin mutum ita ce sifili. Hujjar kuwa ga ta: guntun farko yana tafiya sifili domin lambar da ke ƙasansa tana girma, na biyu ma haka, na ƙarshe ma haka, to sifili a tara da sifili sau nawa ne zai ba da wani abu? Wannan hujja tana da kamar gaskiya, amma a ɓace take, kuma sanin inda ta ɓace shi ne rabin aikin.

Dokar da ta ce matuƙar jimilla ita ce jimillar matuƙai tana aiki ne idan adadin abubuwan da ake tarawa a tsaye yake: biyu, ko biyar, ko ɗari, muddin ba ya canjawa. A jerin nan kuwa adadin guntayen shi ne n, kuma n ɗin ce take girma. Ɗauki buhun gero guda, ka raba wa mutum goma, sannan ka sake raba wa mutum dubu, sannan mutum miliyan. Rabon kowa yana ta ƙanƙancewa har ya kusa zama babu, amma idan aka tattaro rabon kowa da kowa buhu guda ne dai. A lissafi wannan shi ne 1/n a tara sau n, kuma amsarsa 1 ce kullum. Saboda haka ƙanƙancewar guntaye ba ta gaya mana komai game da jimillarsu ba. Ana ja-in-ja ne tsakanin ƙanƙantar guntu da yawan guntaye, sai an auna ƙarfin kowanne.

Kafin a yi wata hujja, yana da kyau a taɓa kalkuleta. a(1) = 0.7071, a(2) = 0.8555, a(3) = 0.9064, a(10) = 0.9739. Jerin hawa yake yi, kuma alama ta nuna 1 ya nufa. Sai dai lambobi huɗu ba sa tabbatar da komai. Ba su hana jerin ya tsaya a 0.99 ba, ba su kuma hana shi wuce 1 can gaba ba. Wata matsalar ita ce babu wata gajeriyar dabara da za ta dunƙule wannan jimilla ta zama abu guda da za a iya sarrafawa kai tsaye. A irin wannan wuri ne ake ɗauko ƙa'idar matsi.

Abin da ƙa'idar ta ce

A ce muna da jeri uku, x(n), a(n) da y(n). A ce daga wata n zuwa gaba,

x(n) ≤ a(n) ≤ y(n)

kuma x(n) da y(n) dukansu sun dosa lamba guda, L. To a(n) ma tana da matuƙa, kuma matuƙar ita ce L. Waɗanda suka yi karatu da Faransanci, kamar ɗaliban Nijar, sun san ta da sunan ƙa'idar jandarmomi: jandarma biyu sun sa mutum a tsakiya, idan su biyun ofis ɗaya suka nufa, shi ma can zai ƙare, ko yana tangaɗi a hanya. Za mu kira x(n) shingen ƙasa, y(n) kuma shingen sama.

Ƙa'idar kanta ba wuya. Wahalar tana wurin gina shingayen, domin ba wanda zai miƙo maka su.

Gina shingayen

Dubi guntayen a(n). Lambobin da ke ƙasansu suna hawa daga √(n²+1) zuwa √(n²+n). Idan lambar ƙasa ta girma, guntu ƙanƙancewa yake yi. Saboda haka guntun farko, 1/√(n²+1), shi ne mafi girma, na ƙarshe kuma, 1/√(n²+n), shi ne mafi ƙanƙanta. Dukan sauran suna tsakaninsu.

Idan muka cire kowane guntu muka sa mafi ƙanƙanta a gurbinsa, jimillar za ta ragu ko ta tsaya yadda take. Idan muka sa mafi girma a gurbin kowanne, za ta ƙaru ko ta tsaya. Guntayen n ne, don haka:

n/√(n²+n) ≤ a(n) ≤ n/√(n²+1)

A nan ne hannu yake yawan zamewa. Ido yana ganin n²+n ta fi n²+1 girma, sai mutum ya kai ta ɓangaren sama, ya manta cewa a ƙasan guntu take. Maganin wannan kuskure bai fi minti ɗaya ba: a gwada da ƙaramar lamba. Da n = 2, shingen ƙasa shi ne 2/√6 = 0.8165, na sama 2/√5 = 0.8944, kuma a(2) = 0.8555 ta zauna a tsakani. Wanda ya juya su zai ga ya rubuta cewa 0.8944 bai kai 0.8165 ba, nan take zai farga. Kada a yi gwajin da n = 1, domin a can shingayen biyu da jerin duk 0.7071 ne, juyayye da daidai duk ɗaya za su fito.

Yanzu sai matuƙar kowane shinge. A na ƙasa, a raba sama da ƙasa da n. Da yake n tana daidai da √(n²) idan n ta fi sifili, za ta shiga cikin alamar √ a matsayin n²:

n/√(n²+n) = 1/√(1 + 1/n)

Idan n ta girma, 1/n tana tafiya sifili, abin da ke cikin √ ya dosa 1, shingen ƙasa ya dosa 1. Haka na sama:

n/√(n²+1) = 1/√(1 + 1/n²)

shi ma ya dosa 1. Shingaye biyu sun haɗu a wuri guda, saboda haka matuƙar a(n) ita ce 1.

Yana da amfani a ga yadda matsin yake faruwa da lambobi. A n = 10, shingen ƙasa 0.9535 ne, na sama 0.9950, tazararsu ta ɗan haura 0.04. A n = 100, na ƙasa ya kai 0.9950, na sama 0.99995, tazarar ta sauko ƙasa da 0.005, ita kuma a(100) tana wajen 0.9975. Duk sanda n ta ninka sau goma, tazarar tana raguwa kusan sau goma, wato tana tafiya kamar 1/(2n). Ka lura kuma cewa shingen sama ya riga na ƙasa isa kusa da 1 nesa ba kusa ba. Ƙa'idar ba ta damu da wannan ba. Ba ta ce su yi gudu iri ɗaya ba, cewa ta yi su ƙare a wuri ɗaya.

Ana iya samun shingaye da suka fi waɗannan sauƙi. Kowace n²+k, ga k daga 1 zuwa n, ta fi n² girma, kuma ba ta kai (n+1)² ba, domin (n+1)² = n² + 2n + 1. Ke nan kowace √(n²+k) tana tsakanin n da n+1, abin da ya ba mu

n/(n+1) < a(n) < 1

Waɗannan shingaye sun fi na farko sako-sako, amma sun wadatar, tun da n/(n+1) ta dosa 1, na sama kuwa 1 ne a zaune. A ganinmu wannan ita ce amsar da ta fi kyau a takardar jarrabawa, domin babu alamar √ da za a yi fama da ita. Aikin shinge shi ne ya kasance mai sauƙin lissafi kuma ya kai inda ake so. Ƙarin matsewa a kan haka ba ya ƙara wa hujjar ƙarfi.

Akwai abin lura a wannan layi. Kowace gaɓa ta jerin ba ta kai 1 ba, amma matuƙar 1 ce cif. Wasu ɗalibai sukan tsaya a nan su ce tun da a(n) < 1 kullum, dole matuƙar ma ta gaza 1. Ba haka ba ne. Idan aka wuce zuwa matuƙa, alamar < tana sassautawa ta koma ≤. Jerin n/(n+1) kansa shaida ne: 1/2, 2/3, 3/4, babu wadda ta kai 1, amma babu wata lamba ƙasa da 1 da jerin ba zai wuce ta ba.

Dalilin da ya sa ƙa'idar take gaskiya

Cewa jeri ya dosa L yana da ma'ana takamaimai. Ka zaɓi duk ƙanƙantar tazarar da ka ga dama, a kira ta ε. Dole a sami wani matsayi a jerin wanda daga shi zuwa gaba kowace gaɓa tana tsakanin L − ε da L + ε.

To, an ba mu ε. Da yake x(n) ta dosa L, akwai N₁ wadda daga ita x(n) > L − ε. Da yake y(n) ta dosa L, akwai N₂ wadda daga ita y(n) < L + ε. Akwai kuma N₀, matsayin da a(n) ta fara zama tsakanin shingayen. A ɗauki wadda ta fi girma cikin ukun nan. Daga nan zuwa gaba duk sharuɗɗan uku suna aiki a lokaci guda:

L − ε < x(n) ≤ a(n) ≤ y(n) < L + ε

Hujjar ke nan gaba ɗayanta. Abu biyu ne ke fitowa daga cikinta. Na ɗaya, farkon jerin ba shi da tasiri. Ko da shingen bai riƙe ba a gaɓoɓi hamsin na farko, ƙa'idar tana nan, muddin an faɗi daga inda ya fara riƙewa.

Na biyu ya fi muhimmanci. Hujjar ba ta ɗauka tun farko cewa a(n) tana da matuƙa ba, ita ce ta samar da ita. Shi ya sa rubutun nan da ake yawan gani, inda ɗalibi zai ce "mu ɗauki limit a kowane ɓangare" sannan ya rubuta lim x(n) ≤ lim a(n) ≤ lim y(n), yake da rauni. Da zarar ka rubuta lim a(n) ka riga ka yi da'awar cewa akwai ta, alhali abin da aka ce ka nuna ke nan. Tsarin da ya dace shi ne a kafa shingayen, a nuna matuƙar kowannensu dabam, a ce sun zo ɗaya, sannan a ambaci ƙa'idar. Sai a layin ƙarshe lim a(n) za ta bayyana.

Hujjar tana kuma ba da abin da za a iya ƙirgawa. A ce ana son a(n) ta kasance cikin tazarar 0.001 daga 1. Daga n/(n+1) < a(n) < 1 muna da 1 − a(n) < 1/(n+1), don haka n = 999 ta isa. Idan aka ɗan ƙara kula, (n + 1/2)² = n² + n + 1/4, wadda ta fi n² + n, saboda haka kowace √(n²+k) ba ta kai n + 1/2 ba, kuma 1 − a(n) < 1/(2n+1). Da wannan, n = 500 ta isa. Ainihin giɓin kuwa kusan 1/(4n) ne, wato jerin yana shiga wannan tazara tun wajen n = 250 da 'yan kai. Duk amsoshin nan ba sa karo da juna. Shinge tabbaci yake bayarwa cewa daga nan an shiga, bai ce ba a shiga kafin nan ba. A nan ne matsattsen shinge yake da riba: idan tambayar ta koma "gaɓa nawa zan lissafa", sako-sakon shinge zai sa ka yi aiki ninki huɗu.

Ƙirga guntaye

Ga ɗan'uwan jerin, wanda aka ɗan tsawaita:

c(n) = 1/√(n²) + 1/√(n²+1) + … + 1/√((n+1)²)

Wanda ya haddace amsar farko zai ce 1. Amma guntayen nan ba n ba ne. Daga n² zuwa (n+1)², har da na farko da na ƙarshe, akwai (n+1)² − n² + 1 = 2n + 2. Mafi ƙanƙanta shi ne 1/(n+1), mafi girma 1/n, don haka shingen ƙasa (2n+2)/(n+1) ne, wato 2 daidai, na sama kuma (2n+2)/n, wanda ya dosa 2. Matuƙar 2 ce. Idan aka manta "+1" ɗin nan aka ƙirga 2n + 1, matuƙar ba za ta canja ba, amma shingen sama da aka rubuta ba shi da hujja. Idan kuwa aka ɗauka n ne, amsar gaba ɗaya ta tafi.

Inda wannan dabara take ƙin aiki

Yanzu ga jerin da ya yi kama da na farko ƙwarai:

b(n) = 1/(n+1) + 1/(n+2) + … + 1/(2n)

Guntaye n ne, kowanne yana tafiya sifili. A bi hanyar ɗazu: mafi ƙanƙanta 1/(2n), mafi girma 1/(n+1), saboda haka

1/2 ≤ b(n) ≤ n/(n+1)

Shingen ƙasa yana zaune a 1/2, na sama ya tafi 1. Babu kuskure a lissafin, shingayen gaskiya ne, amma ba su haɗu ba, don haka ƙa'idar ba ta ce komai ba. Ba ta ce matuƙar 3/4 ce don tana tsakiya ba. Ba ta ma ce akwai matuƙa ba. Jerin (−1)ⁿ yana tsakanin −1 da 1 har abada, yana tsalle daga wannan zuwa wancan, bai dosa ko'ina ba.

Me ya raba b(n) da a(n)? A raba mafi girman guntu da mafi ƙanƙanta. A jerin farko, sakamakon shi ne √((n²+n)/(n²+1)), wanda ya dosa 1: idan n ta girma guntayen kusan girmansu ɗaya, don haka musanya su da guda daga cikinsu ba ya ɓarna. A b(n) sakamakon 2n/(n+1) ne, wanda ya dosa 2: na farko ya kusa ninka na ƙarshe komai girman n. Wannan gwaji ne da ya kamata a yi tun kafin a fara rubutu. Idan sakamakon ya dosa 1, shingayen biyu za su tafi tare. Idan bai dosa 1 ba, dabarar babba da ƙarami za ta bar giɓi, sai fa idan duka biyun sifili suka nufa.

Ana iya rage giɓin ta hanyar raba guntayen gida biyu, idan n tana rabuwa biyu. Rabin farko yana tsakanin 1/3 da abin da ya dosa 1/2, rabi na biyu tsakanin 1/4 da abin da ya dosa 1/3. A haɗe, 7/12 da 5/6, wato 0.5833 da 0.8333. An matso, amma ba a rufe ba, kuma duk adadin gidajen da aka tsayar, za a bar ɗan giɓi.

Abin da zai rufe shi shi ne a yi wa kowane guntu shingensa na kansa. Ga kowace m daga 2 zuwa sama,

ln((m+1)/m) < 1/m < ln(m/(m−1))

Wannan yana fitowa ne daga filin da ke ƙarƙashin lanƙwasar 1/x. Da yake lanƙwasar gangarowa take yi, filin da ke tsakanin m da m+1 bai kai 1/m ba, wanda ke tsakanin m−1 da m kuma ya fi 1/m. A tara daga m = n+1 zuwa m = 2n. Tara logaridam daidai yake da ninka abin da ke cikinsu, kuma a ninkawar lambobin tsakiya suna cinye juna, sai na farko da na ƙarshe su rage:

ln((2n+1)/(n+1)) < b(n) < ln 2

Da yake (2n+1)/(n+1) ta dosa 2, shingen ƙasa ya dosa ln 2, na sama kuwa ln 2 ne tun asali. Matuƙar b(n) ita ce ln 2, kusan 0.6931. Gwaji da n = 10: shingen ƙasa ln(21/11) = 0.6466, b(10) = 0.6688, na sama 0.6931. Ta zauna a tsakani. A n = 100 kuwa b(n) ta kai 0.6907.

Ƙa'idar da aka yi amfani da ita a jerin biyu ɗaya ce, kalma da kalma. Abin da ya bambanta shi ne inda aka samo shingayen: a a(n) kwatanta guntun farko da na ƙarshe ya isa, a b(n) sai da aka kwatanta kowane guntu da yankin fili a ƙarƙashin 1/x. Wanda ya sami 1/2 da 1 a takardarsa, abin da zai rubuta shi ne cewa waɗannan shingaye ba su yanke hukunci ba, sannan ya koma ya nemi wasu.